Sanarwa daga ofishin ma'aji: yadda ake karanta sabuwar lambar biyan kuɗin makaranta da yadda ake aiki da ita

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

Daga zango na biyu na shekarar karatu ta 2025/2026, lambar da ake rubutawa wajen biyan kuɗin makaranta ta sauya siffa. A da haɗin gambiza ce ta haruffa da alƙaluma a jere guda, irin su `JS2B486T2`. Yanzu alƙaluma tara ne zalla, an raba su rukuni uku da karan ɗori a tsakani. Ga misalin da za mu bi har ƙarshen wannan sanarwa:

```
252-0486-16
```

Wannan misali ne kawai, kada kowa ya biya da shi. Lambar kowane yaro tana saman takardar biyansa, cikin akwati, a kusurwar dama. Asusun makaranta na banki bai canza ba, sunan da ke kansa ma yana nan yadda kuka san shi.

Dalilin sauyin gajere ne. Tsohuwar lambar tana ɗauke da ajin yaro, shi kuwa aji yana canzawa duk shekara, wani lokaci ma a tsakiyar zango idan an mayar da yaro daga wani ɓangare zuwa wani. Haruffanta kuma suna rikicewa da alƙaluma: in an rubuta da hannu a takardar banki, `B` ta koma 8, `S` ta koma 5. Da zarar haka ta faru, kuɗi sun shigo asusu amma ba a san na wane yaro ba ne, sai su zauna a shafin kuɗin da ba a gano mai su ba, yaron kuma sunansa yana cikin waɗanda ake bi bashi alhali mahaifinsa ya biya.

Abin da kowane rukuni yake faɗa

Rukunin farko alƙaluma uku ne, kuma lokaci yake nunawa. Biyun farko shekarar karatu ce, na ukun zango ne. A misalinmu `252` yana nufin shekarar karatun da ta fara a 2025, zango na biyu.

A nan ne aka fi tsammanin tuntuɓe, don haka a lura sosai. Shekarar karatu tana ɗaukar sunanta daga shekarar da ta fara a watan Satumba. Zango na biyu yana faɗowa a Janairun 2026, na uku kuma wajen Afrilu zuwa Yuli na 2026, amma dukkansu 'ya'yan shekarar karatu ta 2025/2026 ne, saboda haka duk da 25 suke farawa: `251`, `252`, `253`. Uba zai dubi kalandar bango ya ga 2026, ya dubi takarda ya ga 25, ya ɗauka mai buga takardar ne ya yi kuskure, sai ya gyara da biro ya mayar 26. Kada a yi haka. Ba za a ga 26 a farkon lamba ba sai sabuwar shekarar karatu ta kama a Satumbar 2026, lokacin da lambar za ta fara da `261`.

Rukuni na biyu alƙaluma huɗu ne, kuma shi ne yaron kansa. Wannan ita ce lambar da aka ba shi ranar da aka ɗauke shi makaranta, ba za ta canza ba har ya gama, ko ya maimaita aji, ko an sauya masa ɓangare. Yaron da tsohuwar lambarsa 486 ce yanzu `0486` ne. Wanda tasa 52 ce ya zama `0052`. Sifilin da aka ƙara a gaba aiki yake yi: shi ne ke cika rukunin ya zama huɗu, ta yadda na'ura za ta san inda lambar yaro ta fara da inda ta ƙare ko da an cire karan ɗorin gaba ɗaya. A lissafin kasuwa sifili a gaban lamba ba shi da daraja, shi ya sa hannu yake son tsallake shi. A nan in aka tsallake shi, lambar ta koma alƙaluma takwas, ba ta kowa ba ce.

Rukuni na uku alƙaluma biyu ne, kowanne da aikinsa. Na farko yana faɗin irin kuɗin da ake biya:

- 1, kuɗin karatu na zango
- 2, kuɗin motar ɗaukar yara
- 3, kuɗin jarrabawar fita
- 4, littattafai da kayan makaranta

Na biyu, wato alƙalami na tara kuma na ƙarshe, mun sa masa suna mai gadi. Ba ya nufin shekara ko yaro ko kuɗi. Ana fitar da shi ne ta lissafi daga takwas ɗin da ke gabansa, don ya kama kuskure. Za mu dawo kansa, domin shi ne ƙashin bayan tsarin.

To idan aka karanta `252-0486-16` daga hagu zuwa dama, cewa take yi: shekarar 2025/2026, zango na biyu, ɗalibi mai lamba 0486, kuɗin karatu, mai gadi 6. Shi wannan yaron in yana shiga motar makaranta, lambar kuɗin motarsa a wannan zangon `252-0486-24` ce. Kuɗin karatunsa na zangon da ya wuce `251-0486-17` ne, na zango mai zuwa kuma `253-0486-15`. Ku dubi yadda na ƙarshen yake tsalle daga 7 zuwa 6 zuwa 5, na mota kuma 4. Wannan ya isa ya nuna cewa ba a ƙirƙirar lambar sabon zango ta hanyar goge alƙalami guda a tsohuwar takarda. A jira sabuwar takarda, ko a tambayi ofis.

Me ya sa tara, me ya sa a rarrabe

Tara ɗin da gangan aka zaɓa. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma goma ce. Lambar waya, da BVN, da NIN, duk sha ɗaya-sha ɗaya ne. Lambar RRR ta Remita, wadda masu 'ya'ya a makarantun gwamnatin tarayya suka sani, sha biyu ce, ana rubuta ta huɗu-huɗu. Tamu tara ce, ba ta yi tsawon ɗaya da ko guda cikinsu ba. Duk wanda ya ƙirga ya samu goma ko sha biyu, ya san wata lamba ce ya ɗauko. Haka kuma in mutum ya yi mantuwa ya zuba ta a gurbin lambar asusu, manhajar banki ba za ta fito da sunan kowa ba, domin saura alƙalami ɗaya ta cika goma.

Rabawar kuwa don ido ne da kunne. Mai tumatir ba ya zube kayansa tuli guda, kasawa yake yi kashi-kashi yadda mai saye zai ƙirga da kallo ɗaya. Alƙaluma tara a manne, ido yana ɓata a tsakiyarsu, musamman in akwai biyu masu kama da juna kusa-kusa. Uku, huɗu, biyu kuwa mutum yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta, ya dawo ya ɗauki na gaba. Tsawon rukunan ma bai zama ɗaya ba don kada a juya su: rukunin da ke da huɗu kullum shi ne na tsakiya.

Yadda mai gadi yake aiki

Lissafin da aka bi tsoho ne, ana kiransa lissafin Luhn, da sunan injiniyan kamfanin IBM da ya ƙirƙiro shi, kuma shi ne ake amfani da shi wajen alƙalamin ƙarshe na lambar da ke jikin katin cirar kuɗi. Ba dole ne iyaye su iya shi ba, na'urar ofis tana yi da kanta. Amma wanda yake son ya tabbatar da lamba kafin ya tura kuɗi, musamman in ta waya aka karanto masa, minti biyu sun ishe shi da biro da takarda.

A rubuta alƙaluma takwas na farko a jere, a bar na taran a gefe. A ninka na biyu, da na huɗu, da na shida, da na takwas sau biyu. Duk wanda ninkinsa ya wuce 9, a cire masa 9. Sauran a bar su yadda suke. Ga misalinmu:

```
2  5  2  0  4  8  6  1
2  1  2  0  4  7  6  2
```

Layin sama shi ne lambar, na ƙasa shi ne abin da ya fito. Biyar ta zama 10, aka cire 9 saura 1. Sifili ya zauna sifili. Takwas ta zama 16, aka cire 9 saura 7. Ɗaya ta zama 2. In aka tara layin ƙasa za a samu 24. Sai a ƙara mai gadi, wato 6, ya zama 30. Ƙa'idar ita ce jimillar ta ƙare da sifili: 20, 30, 40 da makamantansu. Ta ƙare da sifili, lambar lafiya take. Ta ƙare da wani abu dabam, akwai kuskure a wani wuri.

Yanzu a ce wani ya juya alƙaluma biyu, ya rubuta 0468 a maimakon 0486, wanda shi ne kuskuren da hannu ya fi yi in ana sauri. Shida ce za ta faɗo a gurbin da ake ninkawa: 12, a cire 9, saura 3. Takwas kuma ta zauna yadda take. Jimilla ta koma 22, da mai gadi 28. Ba ta ƙare da sifili ba, saboda haka na'ura ba za ta zuba kuɗin a shafin yaro mai lamba 0468 ba, za ta ajiye su gefe ta nuna wa ma'aikaci ya duba. A tsohon tsari da kuɗin sun tafi shafin ɗan wani, ba mai sani sai ranar da aka tare yaro a bakin ƙofa.

Mai gadi yana kama duk kuskuren alƙalami guda, ko a ina yake. Yana kama juyin alƙaluma biyu maƙwabta, ban da guda ɗaya: 09 da 90. Lambobin `252-0190-13` da `252-0109-13` duk biyun suna tsallake lissafin, kuma na yara biyu ne dabam. Iyayen da lambar ɗansu ke da sifili da tara a manne, su ne ya kamata su fi kowa duba rukunin tsakiya sau biyu, su kuma riƙa ƙara sunan yaron a bayan lambar.

Akwai kuma abin da ba huruminsa ba ne. Lambar zangon da ya wuce lafiyayyar lamba ce, ba zai yi ƙorafi a kanta ba. Lambar ƙanin yaro ma haka. Shi rubutu yake gadi, ba ya sanin niyyar mai biya.

Biya ta manhajar banki a waya

Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙin ganewa a wurinmu, in an bi ta daidai.

Da farko a ɗauko takardar biya ta wannan zangon, a tabbatar sunan yaron ne a kanta, kuma lambar ta fara da `252`. A buɗe manhaja, a zaɓi tura kuɗi, a sa lambar asusun makaranta mai alƙaluma goma da ke ƙasan takardar. A dakata har sunan asusun ya fito. In ba sunan makaranta ba ne, a tsaya nan, kada a ci gaba.

Sai a sa adadin kuɗin daidai yadda yake a takarda. Bayan nan akwai wani gurbi da mutane da yawa ke tsallakewa domin manhaja ba ta tilasta cika shi. Wasu bankuna suna rubuta `Narration` a kansa, wasu `Remark`, wasu `Description`. Nan ne gidan lambar. A fara da ita kafin komai, sunan yaro ya biyo baya in akwai sauran wuri. Dalilin jerin shi ne, bayanin da ke isowa cikin takardar shige da ficen asusunmu yakan zo a gutsure, ƙarshensa ne ke yankewa. Wanda ya fara da doguwar magana, ya ce kuɗin makarantar ɗansa wane na zango na biyu ne, sannan ya kawo lambar a ƙarshe, sau da yawa maganar ce ke isowa, lambar ta tsaya a hanya ko ta iso rabi.

Wasu manhajoji ba sa karɓar karan ɗori a wannan gurbin. Ba matsala. Duk waɗannan ukun ɗaya ne a wurinmu:

```
252-0486-16
252 0486 16
252048616
```

Abin da ba a so shi ne a sa harafin `O` a gurbin sifili, ko a sa waƙafi kamar ana rubuta kuɗi, ko a haɗa lambar da wasu alƙaluma ba tazara, kamar kwanan wata ko adadin kuɗin. In aka manna mata wani abu, na'ura za ta ga alƙaluma sha uku ko sha huɗu, ba za ta san ina tara ɗin suke ba.

Kafin a sa lambar sirri, a karanta rukuni ukun daga allon waya a gwada da takarda. Bayan kuɗin sun fita, a ajiye rasit ɗin da manhaja ta bayar. A jikinsa akwai `Session ID`, doguwar lamba mai alƙaluma talatin, wadda da ita banki ke bin sawun kuɗi in sun maƙale tsakanin banki da banki. Hoton allo mai cewa an tura kawai, ba tare da wannan lambar ba, amfaninsa kaɗan ne ranar da ake neman hujja.

Biya a cikin banki

A takardar zuba kuɗi akwai wurin sunan mai zubawa. A rubuta lambar a nan tukuna, sunan yaro ya biyo baya. Ma'aikacin banki abin da ya gani a wannan layin yake bugawa, kuma da sauri yake yi, ga layi a gabansa. Saboda haka a rubuta manya-manya, a raba rukunan sarai. A ja wa 7 sanda a tsakiya don kada ta zama 1, a rufe bakin sifili don kada ya zama 6, a kuma bambanta 4 da 9. In ya miƙo rasit ɗin da na'ura ta buga, a duba lambar a jikinsa tun ana gaban kanta. Gyara a lokacin magana ce ta minti ɗaya, bayan an fita kuwa sai an haɗa da ofishinmu.

Biya wurin mai POS ko ta lambar tauraro

Nan ne kuɗi suka fi ɓacewa daga idonmu, don haka za mu ɗan tsaya. Idan mai POS ya tura kuɗi, sunansa ko sunan shagonsa ne ke fitowa a asusun makaranta, ba sunan uban yaro ba. Mai POS guda a bakin kasuwa yana iya tura wa yara goma kuɗi iri ɗaya a yini ɗaya. In babu lamba, layuka goma ne masu suna ɗaya da adadi ɗaya, ba ta inda za a rarrabe su.

A miƙa masa takardar ya gani da idonsa, a ce masa ya sa lambar a gurbin bayani, a tsaya a ga ya sa. Ladansa a ba shi dabam a hannu. Misali in kuɗin karatu naira 45,000 ne, 45,000 ɗin ya kamata su iso. In ya cire ladansa daga ciki, 44,700 suka iso, shafin yaron zai nuna saura naira 300, kuma na'ura ba ta fitar da rasit na cikakken biya sai an cike. Takardar da na'urarsa ke bugawa kuma rubutunta yana gogewa, zafi da rana suna cinye shi cikin 'yan makonni, a aljihun riga ma ya fi saurin tafiya. A ɗauki hotonta da waya a ranar.

Masu tura kuɗi da ƙaramar waya ta hanyar danna tauraro da lambobi, su sani a bankuna da yawa wannan hanyar ba ta da gurbin bayani ko kaɗan. Za a iya biya da ita, amma aikin bai ƙare ba sai an turo saƙon tes zuwa wayar ofis da ke ƙasan takardar biya, a ranar da aka biya. Saƙon ya ƙunshi abu huɗu: lambar biya, adadin kuɗi, sunan da ke kan asusun da kuɗin suka fito, da lokacin da aka tura. Haka ma duk wanda mai POS ɗinsa ya ce na'urarsa ba ta da wurin rubutu.

In ta waya za a karanta wa wani

Yawancin iyaye ba su ke biya da hannunsu ba, wani yaya ne a Abuja ko kawu a Legas ake kira a karanta masa. In zai yiwu a tura masa hoton takardar, ya fi. In dole sai da baki, a karanta alƙalami ɗaya-ɗaya, a numfasa a ƙarshen kowane rukuni: biyu, biyar, biyu, sifili, huɗu, takwas, shida, ɗaya, shida. Kada a ce ɗari huɗu da tamanin da shida, domin a nan ne sifilin gaba yake faɗuwa. Biyu da biyar kuma a waya mai ƙarancin sabis kusan sauti ɗaya ne, ga shi rukunin farko na wannan zangon duk su ne a ciki. A sa mai sauraro ya maimaita abin da ya rubuta.

Yara biyu, biyan kashi-kashi, da tsohon bashi

Lamba ɗaya, turawa ɗaya. Uban da ke da yara biyu, masu lambobi `252-0486-16` da `252-0731-19`, sau biyu zai tura, kowanne da lambarsa da adadinsa. Mun san haka yana ƙara ɗan cajin banki, amma in aka haɗa kuɗin a turawa guda da lamba guda, duka za su zauna a shafin yaro ɗaya: shi yana da rara, ɗan'uwansa yana da bashi. In aka rubuta lambobin biyu a gurbi ɗaya, na'ura ba ta san nawa za ta ba kowanne ba, sai ta ajiye su gefe har ma'aikaci ya kira. Kuɗin karatu da na mota na yaro ɗaya ma haka, tunda lambobinsu biyu ne.

Mai biya kashi-kashi, da izinin ofis, lamba ɗaya zai yi ta maimaitawa har ya gama. Ya tura 20,000 yau da `252-0486-16`, ya tura 25,000 wata mai zuwa da ita dai, shafin zai tara su ya nuna 45,000 sun cika. Ba a neman sabuwar lamba don kashi na biyu.

Bashin zangon baya kuma da lambar zangon baya ake biyansa. Wanda ake bi ragowar zango na farko zai ga layi biyu a takardarsa, ɗaya mai farawa da `251`, ɗaya da `252`, ko da yake a wancan zangon da tsohuwar lamba aka yi aiki. Mun fitar wa duk wani tsohon bashi na wannan shekarar sabuwar lamba don kada a koma wa tsohon tsari. Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne akasin haka: wanda ba a binsa komai ya ɗauko lambar `251` ya biya kuɗin wannan zangon da ita. Kuɗin za su shiga lafiya, su zauna a matsayin rarar zangon da ya wuce, wannan zangon kuma ya nuna ba a biya ko kwabo ba. Alamarsa ita ce rasit ya fito amma an rubuta zango na farko a kansa.

Bayan an biya

Ofis yana gwada abin da ya shigo asusu da shafukan yara kowace ranar aiki da safe. Biyan da ya zo da lamba daidai, rasit ɗin makaranta yana fitowa cikin ranakun aiki biyu, a ba yaro ya kawo gida. Wanda ya biya ranar Juma'a da yamma ya sa rai zuwa Talata. In rasit ya zo, a duba abu uku: sunan yaro, zango, da irin kuɗin. Saƙon da banki ya turo cewa an cire kuɗi shaida ce tsakanin mutum da bankinsa, rasit ɗin makaranta shi ne ke nuna kuɗin sun sauka a shafin da ya dace.

Ranakun aiki uku suka wuce ba rasit, a zo ofis ko a aiko, da takardar biya da shaidar banki. Abin da za a tarar ɗaya ne cikin uku. Ko kuɗin sun shigo ba lamba, ko da lambar da mai gadi ya ƙi, to suna shafin ajiya, ana ganin shaida za a mayar da su wurinsu a take. Ko sun shiga shafin wani yaro ko wani zango, wannan sai mai biya ya cike 'yar takardar neman gyara ya sa hannu, domin ba a cire kuɗi daga shafin ɗalibi da maganar baki. Ko kuma ba su iso asusun makaranta ba sam, wanda ke nufin sun maƙale a hanya, sai a koma bankin da aka tura daga gare shi da `Session ID` ɗin. A wannan hali na uku kada a yi gaggawar sake turawa kafin a ji daga banki, don kada na farkon su iso daga baya a zama an biya sau biyu.

Takarda in ta ɓace, ofis zai sake buga wata, lambar ba ta canzawa. Kada a ari ta ɗan maƙwabci don ajinsu ɗaya da kuɗinsu ɗaya, rukunin tsakiya nasa ne shi kaɗai.

Tsohuwar lambar za mu ci gaba da karɓarta har ƙarshen wannan zangon, sai dai da hannu ake neman mai ita, rasit ɗinta yana iya kai mako guda. Daga zango na uku, wato lambobin da suka fara da `253`, sabuwar kaɗai za a yi aiki da ita.

Ofishin ma'aji ba ya kiran kowa ya nemi lambar sirrin katinsa ko lambar da banki ya turo masa ta tes, kuma ba ya sanar da canjin asusu ta waya. Duk saƙon da ya zo da wata lambar asusu dabam da wadda ke kan takardar biya, ko da an rubuta lambar yaronku daidai a cikinsa, a kawo shi ofis a nuna kafin a tura ko sisi. Ofis yana buɗe Litinin zuwa Alhamis daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, Juma'a kuma zuwa 12.

Wassalam,
Ma'ajin makaranta